Yadda Ake Rubuta wa Tsohon Malami Imel Don Ya Tsaya Maka Shaida a Neman Tallafin Karatu

Kusan duk takardun da ake nema wajen tallafin karatun ƙasar waje suna hannunka. Kai ne za ka rubuta bayanin abin da kake son karantawa, kai za ka bi sawun takardar sakamakonka, kai za ka sabunta fasfo. Abu ɗaya ne yake hannun wani: wasiƙar shaida. Tallafin Chevening na gwamnatin Birtaniya yana neman masu shaida biyu, na Commonwealth aƙalla biyu, na Fulbright na Amurka uku, Jami'ar Oxford ma uku take nema ga mai son digiri na biyu ko na uku. A cikinsu kuwa, galibi sai an sami wanda ya koyar da kai. To malamin nan ɗaruruwan ɗalibai ne suke ratsa ajinsa kowace shekara, kai kuma ka bar makaranta shekara huɗu ko biyar. Kai kana ganin kamar jiya ne. Shi kuwa, da wuya in ma zai iya haɗa sunanka da fuskarka.

Abin da ya kamata ka riƙe tun farko shi ne malami ba ya iya rubuta abin da bai tuna ba. Idan ka aika masa da layi biyu cewa kana neman ya taimaka maka da wasiƙa, kuma ya kasance mai kirki, zai taimaka. Sai dai abin da zai fito shi ne irin wasiƙar nan da kowa ya sani: wane ɗalibinmu ne, mai ladabi ne, mai ƙwazo, ba a taɓa kama shi da laifi ba, ina roƙon a ba shi duk taimakon da ya dace. Masu tantancewa sun ga irinta ba adadi, kuma ba ta gaya musu komai, domin da za a cire sunanka a sa na wani, ba abin da zai canja. Wasiƙar da take aiki ita ce wadda ta ce wane ya yi abu kaza a shekara kaza, na gani da idona, kuma ga matsayinsa a cikin 'yan ajinsu. Imel ɗinka ne zai ba malam kayan da zai gina irin wannan.

Saboda haka zaɓen malamin yana gaba da rubutun. Mutane da yawa suna ruɗuwa da girman muƙami, su nufi shugaban tsangaya ko wani babban farfesa da ya koyar da su darasi ɗaya a aji biyu, cikin ɗakin da ba a ganin na baya. A ganina wannan kuskure ne. Malamin da ya duba kundin digirinka, ko da ƙaramin lakcara ne a lokacin, ya fi amfani nesa ba kusa ba, domin ya karanta rubutunka, ya mayar maka da shi da jan biro, ya ga yadda ka gyara. Bayansa sai wanda ka ci darasinsa da kyau a aji uku ko huɗu, ko wanda ya fita da ku aikin fili. Idan ka daɗe da gamawa kana aiki, mai shaida na biyu yakan zama shugabanka a wurin aiki, muddin ƙa'idar tallafin ta yarda. Kafin ka rubuta, tambayi wani da yake sashen yanzu ko malamin yana nan. Wasu sun koma wata jami'a, wasu sun tafi hutun shekara na bincike, wasu sun yi ritaya. Ka kuma tabbatar da muƙaminsa na yanzu. Wanda ka bari yana Dakta ƙila ya zama Farfesa, kuma ba ya jin daɗi a rage masa.

Akwai abu guda da sai ka sani kafin ka taɓa madannai, wato ta wace hanya wasiƙar za ta isa. Hanyoyin biyu ne. A ta farko, malam zai rubuta, ya sa hannu, ya ba ka, kai ka ɗora a shafin neman. Haka tsarin Commonwealth yake a 'yan shekarun nan: ana son wasiƙar a matsayin PDF, da sa hannu, a kan takarda mai ɗauke da sunan jami'a da tambarinta. A ta biyu, kai adireshin imel ɗin malam kawai za ka shigar, shafin ya aika masa da saƙo mai mahaɗin da zai latsa ya cika fom ko ya ɗora wasiƙar da kansa, ba tare da ka ganta ba. Yawancin jami'o'in Birtaniya da Amurka haka suke yi. Bambancin yana da nauyi a wurinmu, domin masu hanya ta biyu sukan nace sai adireshin imel na jami'a, irin mai ƙarewa da `.edu.ng`, alhali malamanmu da yawa harkarsu ta yau da kullum a Gmail ko Yahoo take, adireshin jami'ar kuwa an yi watanni ba a buɗe shi ba, wani ma an manta lambobin sirrinsa. Idan ba ka ɗaga wannan magana a imel ɗin farko ba, za ta taso maka ana saura kwana biyu a rufe. Ƙa'idojin nan suna canjawa daga shekara zuwa shekara, don haka sanarwar bana za ka karanta, kada ka dogara da abin da abokinka ya yi bara.

Game da lokaci, mako shida kafin ranar rufewa shi ne daidai, mako huɗu shi ne ƙarshen abin da zan kira ladabi. Ka duba kalandar jami'ar ma: lokacin jarrabawa da makin takardu malami ba ya da sararin kansa, haka ƙarshen azumi da lokacin aikin Hajji. Yajin aiki ma abin lissafi ne. A 2022 ƙungiyar malaman jami'o'i ta ASUU ta yi wata takwas tana yaji, daga Fabrairu zuwa Oktoba, wato har cikin watannin da ake buɗe neman manyan tallafin Birtaniya. A irin wannan hali malam zai iya rubutu daga gida, amma takarda mai tambari da hatimin sashe suna kulle a ofis.

Bari mu ɗauki misali mu bi shi. A ce wata ce ta gama digiri a fannin aikin gona a 2019 da sakamako mai daraja ta biyu babba, wanda shi ne abin da tallafin Commonwealth yake nema ga mai digiri ɗaya. Kundinta a kan ƙuduji ne a gonakin dawa. Ta yi bautar ƙasa, yanzu tana aikin wayar da kan manoma a Jigawa, tana son digiri na biyu a kan kare amfanin gona. A ce ranar rufewa 15 ga Oktoba ce. Sai ta rubuta a farkon Satumba.

Kan saƙon shi ne abu na farko da malam zai gani a wayarsa, kuma shi zai sa ya buɗe ko ya wuce. Tunda wasiƙar da za a rubuta da Ingilishi take, kuma da shi ake harkar jami'a a Najeriya, yawanci imel ɗin ma da shi za a yi, kamar yadda ɗalibin Nijar zai yi da Faransanci ga malaminsa na Jami'ar Abdou Moumouni. Kan saƙon nata zai iya zama haka:

```
Reference request: your 2019 project student (Striga in sorghum), needed by 5 October
```

Ya faɗi abin da ake so, ya faɗi wace ce, ya faɗi rana. Kwatanta shi da saƙon da kansa gaisuwa ce kawai, ko wanda aka rubuta "URGENT" da manyan baƙaƙe, ko wanda aka bar wurin fayau. Irin waɗannan su ne masu kama da saƙon 'yan damfara, kuma nan da nan ake tsallake su. Adireshin da kake aikawa da shi ma ya zama mai ɗauke da sunanka na gaskiya. Wanda ka buɗe kana sakandare da laƙabin da abokai suka sa maka, ajiye shi.

Ga gangar jikin saƙon da Hausa, ko da wane harshe za a zuba shi tsarin ɗaya ne:

Assalamu alaikum, Malam. Ina fata kana lafiya, da iyali da aiki.

Ni ce ɗalibarka da ka duba kundinta a zangon 2018/2019, a kan yadda shuka wake tsakanin dawa take rage ƙuduji. Cikakken sunana da lambar rajistata suna ƙasa. Ni ce wadda gwajinta na farko ya lalace saboda ruwa ya kwanta a filin, ka ce in sake shi a tukwane, muka yi hakan. Na kuma ɗauki darasinka na cututtukan tsirrai a aji huɗu, na sami A.

Bayan bautar ƙasa na kama aikin wayar da kan manoma a Jigawa, inda har yanzu ƙuduji ne babban abin da manoman dawa da gero suke kuka da shi. Ina neman tallafin Commonwealth don yin digiri na biyu a kan kare amfanin gona a Birtaniya. Abubuwa uku suke dubawa: ƙarfin karatu, ingancin tsarin abin da za a karanta, da amfanin da ƙasa za ta samu idan an dawo.

Malam, ko kana ganin ka san aikina sanin da za ka iya rubuta mini wasiƙar shaida mai ƙarfi? Suna son ta a kan takarda mai tambarin jami'a, da sa hannunka, a matsayin PDF, ni zan ɗora ta. Ina son in haɗa komai ranar 5 ga Oktoba. Na maƙala takardar tarihin karatuna da aikina, da sakamakona, da taƙaitaccen bayanin kundin, da daftarin tsarin karatun da zan miƙa.

Idan lokaci bai ba ka dama ba, ko kana ganin wani malamin ya fi dacewa, don Allah ka sanar da ni, ba komai. Na gode, Allah Ya saka da alheri.

Daga nan sai cikakken suna kamar yadda yake a rajistar jami'a, da lambar rajista, da lambar waya. Wannan batu na suna ba ƙaramin abu ba ne, musamman ga mace da ta koma amfani da sunan miji, ko wanda ya gyara rubutun sunansa a fasfo. Malam da sunan rajista ya san ka, masu tallafi kuma na fasfo suke gani, don haka a faɗa masa duka biyun, a nuna wanda zai sa a wasiƙar.

Sakin layi na biyu shi ne zuciyar saƙon, kuma shi ne wanda aka fi tsallakewa. Lura da cewa ba yabon malam ta yi ba, ba ta ce shi ne uba gare ta ba, ko darasinsa ne ya canja rayuwarta. Abu ta ambata wanda ya faru tsakaninsu, mai wuri da sanadi: ruwa ya kwanta, gwaji ya lalace, an koma tukwane. Sunan ɗalibi yakan ɓace wa malami, amma irin wannan ba ya ɓacewa da sauƙi. Ga kuma riba ta biyu: ta miƙa masa abin da zai rubuta. Yanzu yana iya cewa aikinta ya rushe ana tsakiyar zango, ta sake shi daga tushe, ta gama a kan lokaci. Wannan jimla ɗaya ta fi "mai ƙwazo ce" sau goma. Idan kai ba ka da labari irin wannan, nemi abin da kake da shi: taken aikin da ka gabatar a gaban aji, tambayar da aka yi maka ranar kare kundi, garin da kuka je aikin fili, ko cewa kai ne wakilin aji. Gaskiya kawai za ka faɗa. Kada ka ƙara wa makinka, domin takardar sakamakon tana maƙale a ƙasa.

Gaisuwa kuwa layi ɗaya ta isa. Na san tarbiyyarmu ba ta son a faɗa wa babba buƙata kai tsaye, kuma da a ofishinsa ne sai an gaisa an sake gaisawa. Amma a imel, wanda ya yi sakin layi uku yana gaisuwa da addu'a, buƙatarsa takan faɗa ƙasa inda mai karatu a waya ba zai kai ba. Mafi muni shi ne a aika gaisuwa zalla a zauna jiran amsa kafin a faɗi abin da ake so. Ladabin rubutu shi ne ka rage wa malam wahala. Idan da Ingilishi ne, `Dear Professor` ko `Dear Dr` da sunan da aka san shi da shi a hukumance ya wadatar.

Tambayar da ta yi ma da gangan aka ƙera ta haka. Ba ta ce ya rubuta mata wasiƙa ba, cewa ta yi ko ya san aikinta sanin da zai rubuta mai ƙarfi, sa'an nan ta buɗe masa ƙofar ƙi. Malamanmu da yawa suna jin nauyin cewa a'a ƙiri-ƙiri. Idan ba a ba su mafita ba, ko dai su yi shiru har lokaci ya ƙure, ko su rubuta wasiƙa mai sanyi da ba ta cutarwa ba ta amfanarwa. Gara ka ji a'a a farkon Satumba, kana da sauran mako biyar na neman wani. Ranar da ta bayar kuma, 5 ga Oktoba, ta riga ranar rufewa da kwana goma. Ba ƙarya ta yi ba, cewa ta yi ranar take son haɗa komai, kuma in ya tambayi ainihin ranar rufewa sai ta faɗa. Kwana goman nan na gyara ne: a ga an rubuta sunan tallafin ba daidai ba, ko an manta kwanan wata, ko hoton wasiƙar ya fito dishi-dishi.

Takardun da za a maƙala su zama PDF, kowace da suna mai ma'ana wanda ya fara da sunanka, kuma kada su yi nauyi, domin da datar wayarsa zai buɗe. Huɗu sun isa. Kundin gaba ɗaya ba a tura shi sai ya nema.

Idan mako ɗaya ya wuce shiru, ba lallai ƙi ba ne. Sau da yawa bai gani ba. Ka amsa a ƙarƙashin saƙon farko, don komai ya kasance wuri ɗaya, da layi biyu na tunatarwa. A lokaci guda ka aika gajeren saƙon waya ko na WhatsApp cikin sa'o'in aiki, ka faɗi sunanka da shekararka, ka ce ka tura imel ranar kaza mai kai kaza. Ban da kiran dare, ban da saƙon murya mai tsawo. Idan kana garin, zuwa ofis da ƙafa ya fi duka, ka riƙo takardun a buge. Idan bayan mako biyu da tunatarwa biyu har yanzu shiru, koma ga malami na gaba. Wannan ne dalilin da ya sa ake ajiye suna na uku tun farko.

Amsar da za ka fi ji ita ce: "Rubuto ka kawo in sa hannu." Ta zama ruwan dare, kuma tana da haɗari biyu. Na farko, wasu masu tallafi da jami'o'i sun hana mai nema ya rubuta wasiƙar shaidarsa, kuma suna iya tuntuɓar malamin don tabbatarwa. Na biyu, salon rubutunka yana nan a bayanin da ka miƙa. Idan wasiƙu biyu daga malamai biyu suka zo da irin jimlolinka da irin kurakuranka, mai karatu zai gane. Abin da nake ba da shawara shi ne ka ce, cikin ladabi, za ka turo masa bayanai a jere don ya sarrafa su da kalmominsa: yaushe ya san ka kuma a wane matsayi, darussan da makin, abin da kundin ya gano, abu ɗaya ko biyu da ka yi wanda ya gani, da abubuwan da tallafin yake dubawa. Ka bar masa gurbin da shi kaɗai zai iya cikewa, wato matsayinka a cikin ɗaliban da ya koyar. Yawancin malamai abin da suke gudu shi ne farar takarda da tonon tsofaffin fayil. Da zarar an ɗauke musu wannan, rubutun ba ya cin awa guda.

Idan tallafinka mai aika mahaɗi ne, kada ka kuskura ka shigar da sunan malam kafin ya amince. Saƙon yakan tafi nan take, kuma ba abin da yake ɓata rai kamar mutum ya ga wata jami'a tana neman shaidarsa a kan wanda bai gaya masa ba. Bayan ya amince, ka tambaye shi adireshin da yake so, ka roƙe shi ya gwada buɗe na jami'ar tun da wuri. Idan ya ƙi buɗuwa, sashen kula da na'urori na jami'ar ne yake gyarawa, kuma yakan ɗauki kwanaki. Ranar da ka shigar da sunansa ka sanar da shi, ka faɗi sunan jami'ar da saƙon zai fito daga gare ta, ka ce ya leƙa `Spam` idan bai gani ba. Shafin neman yakan nuna maka ko an miƙa wasiƙar ko ba a miƙa ba, kuma yawanci akwai maɓallin sake aikawa. A fom ɗin jami'o'in Amurka za a tambaye ka ko ka yafe haƙƙinka na ganin wasiƙar. Yafewa ta fi, domin an fi gaskata wasiƙar da aka san mai ita bai karanta ba. Abin da ba a yi ko kusa shi ne ka buɗe adireshi da sunan malam ka miƙa da kanka, ko da ya ce ya yarda. Idan aka gano, neman gaba ɗaya ya rushe, sunan malamin ma ya ɓaci.

Da wasiƙar ta shiga, aika godiya a ranar, kuma idan sakamako ya fito ka gaya masa, ko an samu ko ba a samu ba. Mutane da yawa sai a nema na biyu ko na uku suke dacewa, ga shi kuma yawanci ba tallafi ɗaya ake nema a shekara ba. Idan kana da niyyar neman uku ko huɗu, faɗa masa tun a amsarka ta farko bayan ya amince, ka jera sunayensu da ranakunsu da hanyar miƙa kowanne a saƙo ɗaya, don ya rubuta uwar wasiƙa guda ya riƙa gyara ta. Badi kuma kada ka ɗora ta bana: kwanan watan ya tsufa, sunan tallafin ƙila ya bambanta. Ka koma ƙarƙashin tsohon saƙon nan, ka faɗi abin da ya ƙaru a aikinka cikin shekarar, ka roƙi ya sabunta ta.